Na kai kilon da nake nema, to yanzu kuma fa? Tambayoyi da amsoshi kan riƙe nauyi da gyara kalori

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa daga mutanen da suka gama rage ƙiba, wasu kilo 8 wasu kilo 25, kuma kusan kowa abu ɗaya ne yake damunsa: tsoron kada abin ya dawo. Ni ma na bi ta wurin, shi ya sa za ku ga ina sako nawa a wasu wurare. Na sa lamba a kowace tambaya saboda wasu amsoshin suna jingine da wasu.

1. Tunda na kai, zan iya komawa cin abinci yadda na saba a da?

A'a gaskiya. Abincin da kake ci a da shi ne abincin da ya riƙe tsohon nauyinka, in ka koma masa jikin zai bi shi a hankali har ya koma inda ya fito. Jiki mai kilo 70 ba ya ƙona abin da jiki mai kilo 84 yake ƙonawa, ko kwance yake ko tafiya yake, kamar dai yadda babur da ya ɗauko mutum ɗaya ba ya shan man da yake sha in an yi masa lodin buhu biyu. A kimance kowane kilo ɗaya da ka zubar yana rage abin da jikinka ke buƙata a rana da kalori 20 zuwa 25.

Amma kuma ba za ka zauna a kan abincin ragewa ba, don shi an tsara shi ne ya gaza abin da jiki ke buƙata. Abin da kake nema yana tsakanin biyun: ya fi na lokacin ragewa, bai kai na da ba. Yadda ake gano shi yana tambaya ta 2.

2. To kalori nawa zan riƙa ci a rana? Ta yaya zan sani?

Hanya biyu ce, ta farko lissafi ne na kintace, ta biyu kuma daga jikinka take fitowa kuma ita na fi yarda da ita. Ta farkon ita ce dabarar Mifflin-St Jeor da aka fitar a 1990, tana ba ka abin da jiki ke ƙonawa in kana hutawa, sai ka ninka da 1.2 in zaman ofis ko shago kake yi, ko wajen 1.4 in kana ɗan zirga-zirga, ko 1.55 in kana motsa jiki sosai:

```
Namiji: 10×kg + 6.25×cm − 5×shekaru + 5
Mace:   10×kg + 6.25×cm − 5×shekaru − 161
```

Mu ɗauki misalin wata malamar firamare, shekara 38, tsawo santimita 162, ta sauko daga kilo 84 zuwa 70. Lissafin ya ba ta wajen 1360, in an ninka da 1.4 ya zama kusan 1900 a rana. Da tana kilo 84 lissafin 2100 zai bayar. Ka ga ke nan ko a takarda 200 ta tafi.

Hanya ta biyu kuwa, in kana rubuta abin da kake ci, duba sati huɗu na ƙarshe. Malama tana cin 1450 a rana, a cikin kwana 28 ta zubar da kilo 1.4. Kilo ɗaya na kitsen jiki ana ƙiyasta shi a kalori 7700, to 1.4 sau 7700 a raba 28 ya ba da 385, wato giɓin da take bari kullum ke nan. Haɗa 1450 da 385 ka samu 1835. Ya gaza na takarda da kaɗan, kuma haka aka fi gani, saboda jikin da ya rame yakan ɗan tsuke kashe kuɗinsa fiye da yadda lissafi ya nuna, ga shi kuma mu masu rubuta abinci muna mantuwa da ɗan-ɗanɗanen da muke yi a bakin tukunya. Ko ma wanne ne, 1800 zuwa 1850 shi ne wurin farawarta. Farawa na ce fa, sikeli ne zai tabbatar (tambaya ta 5).

3. In ƙara abincin lokaci guda ko kaɗan-kaɗan?

Za ka ji masu cewa dole sai ka ƙara kalori 50 duk sati wai don injin jikinka ya farfaɗo. Ni ban ga dalilin wahalar da kai haka ba, in giɓinka 400 ne wata biyu za ka ƙara yi cikin yunwa ba gaira ba dalili. In ka yarda da lissafinka kana iya hawa kai tsaye. Amfanin yin shi a mataki biyu ko uku ɗaya ne: hankali ya kwanta kuma hannu ya saba da sabon awo, don wanda ya yi wata takwas yana takura in aka ce masa "ƙara" sau da yawa ba ya jin inda aka ce "kaɗan".

Malama ta ƙara 200 a sati biyun farko, sannan ta ƙara sauran. Kuma 200 ɗin nan ba wani abin a zo a gani ba ne, mutane su sani: cokali babba ɗaya na mai, na gyaɗa ko manja, kalori 120 ne, ƙwai ɗaya wajen 75, dafaffiyar shinkafa giram 100 wajen 130, gyaɗa cikin tafin hannu kamar giram 30 ta kai 170. Duk 385 ɗin da ta samu bai wuce ƙarin ludayin shinkafa, ƙwai ɗaya da ɗan ƙullin gyaɗa ba. Na san abin yana ba da haushi, ni ma da na lissafa nawa sai da na yi tsaki.

4. Na ƙara abinci kwana huɗu kacal sikeli ya hau da kilo ɗaya da rabi, hankalina ya tashi. Kitsen ne ya dawo?

Ba shi ba ne, yi lissafin da kanka. Kilo ɗaya da rabi na kitse yana buƙatar rarar kalori sama da 11,000, kai kuma 300 ko 400 ka ƙara a rana, kwana huɗu ko 2000 ba ta kai ba. Abin da ya faru shi ne hanta da tsoka suna ajiye sitaci a wata siffa da ake kira gilaikojin, wajen giram 400 zuwa 500 in rumbun ya cika, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa kusan giram 3. Lokacin ragewa rumbun a rage yake, da ka dawo da tuwo da shinkafa sai ya cika ya ja ruwansa. Ƙara da abincin da ke cikin hanji wanda yanzu ya fi yawa, da gishiri da magi da suka ƙaru tare da miyar.

Yadda za ka gane ruwa ne: yana hawa da sauri a satin farko sannan ya tsaya cak, kuma wando bai matse ba. Kitse shi ba ya tsalle, rarrafe yake yi sati bayan sati. Don haka nauyin da ka gani a ranar da ka gama, ka ɗauka wannan na cikin da babu komai ne. Malama ta gama a 70, ta zauna a 70.9, kuma 70.9 ɗin shi ne nauyinta na gaskiya da za ta riƙa gadi.

5. Sau nawa zan hau sikeli, kuma wace lamba zan yarda da ita tunda kullum canjawa take?

Kada ka yarda da lambar rana ɗaya ko wacce ce. Hau da safe bayan ka fito daga banɗaki kafin ka ci ko ka sha, kaya marasa nauyi, sikeli ɗaya a kan siminti ko tayil ba kan kafet ba. Rubuta. Ƙarshen sati ka tara lambobin ka raba da yawan kwanakin da ka auna, abin da ya fito shi ne nauyin satin, kuma shi kaɗai ake kwatantawa da na satin baya. Sau uku ko huɗu a sati ya isa in kullum ya yi maka yawa.

A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994 ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shekara guda ko fiye, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati. Dalilin a fili yake, kilo ɗaya in ka gan shi da wuri sati biyu zai ɗauke ka, kilo shida kuwa sabon aiki ne. Ni abin da ya same ni ke nan a karon farko, batirin sikelin ya mutu na ce gobe zan saya, goben nan ta kai wata biyar, kuma ga babbar riga da kaftani ba sa tona asiri, tela ne da ya zo auna ni ɗinkin Sallah ya duba tsohon littafinsa ya ce Alhaji an samu ƙari fa. Saboda haka ka haɗa da tef ɗin tela, auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya ko biyu a wata.

Mata su lura, kwanakin da ke gaban al'ada jiki yana riƙe ruwa, kilo ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, gara ki kwatanta satin nan da irinsa na watan jiya. Wanda kuma ya ga sikelin yana hana shi sukuni har yana ƙin cin abinci saboda lamba, ya duba tambaya ta 11.

6. Yaushe ne zan ce to yanzu lokacin gyara kalori ya yi, kuma nawa zan taɓa?

Wannan ita ce zuciyar maganar. Ka ba kanka fili, kilo ɗaya da rabi sama ko ƙasa da nauyin da ka zauna a kai, duk abin da ke yawo a ciki ba ruwanka. A wani gwaji da Wing ta jagoranta aka buga a 2006 haka suka yi da launuka: kore in ƙarin bai kai kilo 1.4 ba, ja in ya kai 2.3, tsakaninsu kuma rawaya. Ana taɓa abinci ne in nauyin sati ya bi hanya ɗaya sati uku a jere, ko kuma ya fita daga filin.

Nawa za a taɓa kuma sikelin ne zai faɗa. Duk giram 100 da kake ƙarawa a sati yana nufin rarar kalori kusan 110 a rana. Malama ta yi wata huɗu lafiya lau tsakanin 70.8 da 71.1, sai aka yi dogon hutu, nauyin satinta ya tafi haka: 71.0, 71.2, 71.3, 71.5. Rabin kilo a sati uku, kusan giram 170 a sati, wato rarar 180 ke nan a rana. Abincinta bai canja ba, abin da ya canja shi ne tafiyar ƙafa zuwa makaranta da dawowa da tsayuwar aji duk sun tsaya. Ba ta koma 1450 ba, sukarin shayi ta rage da cokali biyu, ta rage cokali ɗaya na mai daga rabonta, wajen 150 ke nan, ta kuma riƙa fita tafiya bayan la'asar. Ta jira sati uku kafin ta sake duba lissafin, ya tsaya a 71.3.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga ƙarin rabin kilo ya yanke 600 a fusace, kwana biyar yunwa ta ci ƙarfinsa ya afka wa abinci, sai ya ce ai jikinsa ne ya lalace. Taɓa 100 zuwa 200, abu ɗaya ko biyu da za ka iya faɗin sunansu, ka bar shi sati biyu zuwa uku. Sai in har ka shiga ja ne za ka koma ɗan gajeren ragewa na 300 zuwa 500 a rana har ka dawo fili.

7. Ni kuma nawa ci gaba da sauka yake yi alhali na daina ragewa.

Lissafin tambaya ta 6 ne a juye: in kana zubar da giram 200 a sati ƙara wajen 200 a rana, da abin da ba ya cika ciki kamar gyaɗa, madara, ko ɗan ƙarin mai. Yawanci tsoro ne yake sa mutum ya ce ya ƙara alhali bai ƙara ba. In ka tabbata ka ƙara kuma sati huɗu zuwa shida yana ta sauka, musamman da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da zufar dare, ko bugun zuciya da rawar hannu, wannan ba maganar kalori ba ce, asibiti za ka.

8. Me ya sa nake jin yunwa fiye da da, alhali na ƙara abinci?

Saboda jiki yana neman abin da ya rasa. Kitse yana fitar da wani sinadari, leftin, da ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya, in kitsen ya ragu shi ma ya ragu sai ƙwaƙwalwa ta ƙara kiran abinci. Wani bincike na 2016 da Kevin Hall yake cikin waɗanda suka yi ya ƙiyasta cewa kowane kilo da aka zubar yana ƙara sha'awar ci da kusan kalori 100 a rana. Kwatanta da 20 zuwa 25 na tambaya ta 1, za ka ga matsalar ta fi yawa ta wajen baki ba ta wajen ƙonawa ba.

Abin da ke taimakawa shi ne ƙarin da ka samu kada ka kashe shi a lemon kwalba, kwalba ɗaya ta santilita 35 wajen 150 ce kuma ba ta ƙosarwa ko kaɗan. Sa shi a abin da ke zama a ciki. Furotin kamar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na jikinka, ga mai kilo 70 wajen giram 85 zuwa 110 a rana, daga wake, awara, kifi, ƙwai, kindirmo, nama mara kitse. Sai ganye ya yi yawa a kwano, kwaɗon zogale ko rama, miyar taushe mai kauri, dambu da aka cika wa ganye, sai dai a kula da ƙuli-ƙuli da man da ake zubawa don nan kalorin yake ɓuya. Barci ma yana ciki, daren da na yi awa huɗu washegari ƙosai nake gani ko ina.

9. Azumi da Sallah da biki fa, yaya zan yi da lissafin?

A watan azumi sikelin safe ba ya nufin abin da ya saba nufi tunda ka yi sahur, sai ka zaɓi lokaci ɗaya, misali dab da shan ruwa, ka riƙa kwatanta shi da kansa kawai, kada ka haɗa da lambobin Sha'aban. Kalorin ranar bai canja ba, raba shi aka yi biyu ko uku. Inda ake zamewa shi ne kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo kafin ma a zo kan abincin, mutum yana iya shan rabin kason ranarsa tsakanin magariba da isha'i bai sani ba. Zaɓi soye ɗaya, ba uku ba.

Babbar Sallah da biki kuwa kwana biyu ko uku ne, ci abinka. Za ka ga kilo ɗaya ko biyu, yawancinsa ruwa ne da gishiri kamar a tambaya ta 4, kada ka yi ramuwar yunwa, koma awonka na kullum ka duba bayan kwana bakwai zuwa goma. Abin da ke kawo ƙiba shi ne soyayyen naman da ke cikin bokiti wanda ake wucewa ana ɗiba har wata guda.

10. Shin zan riƙa rage kalori ne duk shekara saboda girma? Kuma har abada zan yi ta ƙirga?

Ba kamar yadda ake faɗa ba. Babban binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka fitar a 2021 ya nuna cewa in aka yi la'akari da girman jiki, abin da mutum ke ƙonawa kusan a tsaye yake daga shekara 20 zuwa 60, bayan nan ne yake sauka da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Abin da ke canja lambarka a tsakani rayuwa ce: ka sayi mota ko mashin, an mayar da kai ofis, ka bar gona bayan kaka, ƙafa ta yi ciwo, ko ka fara ɗaga ƙarfe. Duk lokacin da irin wannan ya faru ka sa ido sati uku zuwa huɗu ka yi lissafin tambaya ta 6. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin wajen 300 zuwa 500 a rana, in ta yaye kuma ƙarin nan ya tafi, da yawa a nan nauyi yake lallaɓowa. Mai ciki kuwa ta ajiye wannan lissafin gaba ɗaya ta bi na asibiti.

Ƙirga kuma ba dole ba ne har abada. Wata biyu ko uku na farko ka ƙirga har idonka ya san awon, daga nan kwano ɗaya, ludayi ɗaya, cokalin mai ɗaya su ne ma'auninka. In a tire ɗaya ake ci a gidanku ɗebi naka a kwanonka tukuna. Sikeli ne ba a bari. In ya fara rarrafe sai ka koma rubutawa na sati ɗaya, kusan kullum za ka tarar malmalar tuwon ce ta girma ba ka lura ba.

11. Ina shan magani, ko da allura na rage. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya zubar da kilo masu yawa ya koma wurin likitansa, don awon maganin da ya dace da tsohon jiki yana iya yin yawa yanzu, jiri in an miƙe ko rawar jiki da zufa kafin cin abinci alamu ne. Wasu magunguna kuma suna ƙara ci ko riƙe ruwa, irin su firedinisolon da dekzametason, insulin, wasu magungunan ƙwaƙwalwa, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu matan, kada ka daina da kanka, faɗa wa wanda ya rubuta maka. Masu allurar rage ƙiba ta semagulutayid su sani cewa a gwajin da aka bi mutane bayan sun daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo cikin shekara ɗaya, saboda yunwar tambaya ta 8 tana dawowa da ƙarfinta, don haka maganar dainawa da likita ake tsara ta.

Abu biyu kuma ba sa jiran sati uku. Kilo biyu ko fiye cikin kwana biyu zuwa uku tare da kumburin ƙafa ko haki, ruwa ne yake taruwa, zuciya ko ƙoda za a duba. Na biyun, in ka ga kana cika ciki har ka rasa iko da kanka sannan ka yi amai da gangan ko ka sha maganin zawo ko shayin wanke ciki, ko mace al'adarta ta ɗauke wata uku ba ciki ba, a ajiye sikelin da littafin a je asibiti a faɗa musu yadda abin yake.